Yadda ake rufe giɓin ƙidayar kaya da rage darajar kayan kwantai a littafin shago

Idan an ƙirga kayan shago a ƙarshen shekara, asara iri biyu ce ke fitowa, kuma ’yan kasuwa da yawa suna cakuɗa su wuri ɗaya. Ta farko ita ce giɓi: littafi ya ce akwai kaya kaza, an shiga sito an tarar ba su kai haka ba. Ta biyu kuwa kayan suna nan, ana ganinsu, amma sun yi kwantai har ba za su maido da kuɗin da aka kashe a kansu ba. Kowace da lissafinta, kuma giɓi ake fara warwarewa, domin kayan da suke nan ne kaɗai za a yi wa sabuwar daraja.

Za mu bi misalin wani shagon atamfa a babbar kasuwar Sakkwato, wanda ke saro kaya daga Kantin Kwari a Kano. Farashin da ke ciki na misali ne, kowa ya sa nasa.

Mataki na farko: a tsayar da shiga da fitar kaya

A sa ranar ƙidaya, a rufe ciniki, ko a yi ta bayan an tashi kasuwa. A rubuta lambar rasit na ƙarshe da aka yanka da takardar kaya ta ƙarshe da aka karɓa, domin duk abin da ya zo bayansu na sabuwar shekara ne. Mutum biyu su yi aikin, ɗaya na ƙirgawa, ɗaya na rubutawa, kuma kada a ba su adadin da ke littafi. Wanda ya san ana neman 400, idonsa zai ga 400. Yaron da ke riƙe da mabuɗin sito ya tsaya ya nuna inda kaya suke, amma kada a bar shi ya ƙirga kayan da ke hannunsa shi kaɗai. Dilar da aka taɓa kwancewa a buɗe ta a ƙirga turmi-turmi. Tun a lokacin a ware duk turmin da ya koɗe ko ya ci ƙura, a rubuta shi daban, don za a dawo kansa.

A shagonmu littafi ya nuna turmi 400 na wata atamfa. An saro kowane turmi naira 8,800, kuɗin mota da dako daga Kano ya kama naira 200 a kan kowanne, wato turmi ya tsaya wa shago a naira 9,000. Kuɗin kawo kaya yana cikin kuɗin saye, kada a manta da shi. Da aka ƙirga sai aka samu turmi 372. Bambanci 28 ke nan.

Mataki na biyu: a bi sawun bambancin kafin a kira shi asara

A nan ne ake zaluntar yaran shago. Mai gida ya ji an ce babu turmi 28, ransa ya ɓaci, kafin la’asar an kori wani, alhali mafi yawan bambanci a takarda yake. A sake ƙirga kayan da hannun wani dabam, sannan a duba wurare uku: kayan da aka bayar bashi ba a shigar ba, kayan da ke hannun dillalai, da kuskuren awo, kamar a sayo da dila a riƙa fitarwa da turmi, ko a yanka turmi mai yadi shida a sayar da rabi a rubuta guda.

Da aka bincika, sai aka ga wani abokin ciniki daga Illela ya ɗauki turmi 12 bashi ana gobe ƙidaya, an rubuta a ƙaramin littafin bashi, ba a cire daga littafin kaya ba. Wannan ciniki ne, sai a shigar da shi, littafi ya koma 388. Sannan akwai turmi 6 a hannun wata dillaliya da ke kaiwa gidaje, ba ta sayar ba tukuna. Kayan da ke hannun dillali na shago ne har ranar da ya sayar, saboda haka a aika a gan su da ido, a ƙara su a kan ƙidaya, ta koma 378. Giɓin gaskiya shi ne 388 a cire 378, turmi 10.

Mataki na uku: a shigar da giɓin da kuɗin saye

Ana sayar da turmin naira 11,000, sai mai shago ya ce ya yi asarar 110,000. A littafi ba haka ba ne, domin ribar da ba a ci ba ba ta taɓa shiga littafi ba, balle a cire ta. Abin da za a cire shi ne turmi 10 sau 9,000, naira 90,000. A manhajar lissafi haka shigarwar take, inda Debit a nan ke nuna asarar da aka rubuta, Credit kuma abin da aka cire daga darajar kayan sito:

```
Debit   Asarar giɓin kaya   90,000
Credit  Kayan sito          90,000
```

Asarar ta shekarar da aka gano ta ce, ba a ajiye ta sai baɗi. Idan an tabbatar wani ne ya ɗauka kuma ya amsa zai biya a rubuce, sai a mayar da kuɗin bashi a kansa. Zargi kawai ba ya zama bashi.

Mataki na huɗu: a fitar da kayan kwantai

Ƙa’idar lissafi ta duniya da ta shafi kayan sayarwa, IAS 2, wadda Najeriya ta fara aiki da ita tare da sauran ƙa’idojin lissafi na duniya da ake kira IFRS daga 2012, cewa ta yi a rubuta kaya da wanda ya fi ƙanƙanta cikin biyu: kuɗin saye, ko tsabar abin da zai shigo hannu idan an sayar. Wannan na biyun shi akantoci ke taƙaitawa da NRV. Ana samunsa ne idan an ɗauki farashin da kayan za su tafi a kasuwa ta yau da kullum, aka cire abin da za a kashe wajen kammala su da wajen sayar da su, kamar la’adar dillali da kuɗin mota da dako.

Don gane kwantai, a duba ranar da kowane zane ya fita na ƙarshe. A harkar atamfa ma’auni mai kyau shi ne Sallah: zanen da ƙaramar Sallah da babbar Sallah suka wuce bai motsa ba, da wuya ya tafi a farashinsa na da. Cikin turmi 378, an samu 258 sabon zane ne da ke tafiya a 11,000. Turmi 100 tsohon yayi ne. Sauran 20 su ne waɗanda aka rataye a bakin shago, rana ta cinye launinsu, kuma duk wanda ya san bazarar Sakkwato, lokacin da zafi ke haura digiri 40, ya san abin da take yi wa zane.

Amma daɗewa kaɗai ba ta isa a rage daraja ba. A shekarun da farashi ke ta hawa, tsohon kaya da aka saro da araha yana iya tafiya sama da kuɗin sayensa ko da an yi rangwame. Irin wannan ba a taɓa shi. Ban yarda da al’adar yanke kashi kaza cikin ɗari a kan duk abin da ya shekara ba, don ba ta da hujja idan mai binciken littafi ko jami’in haraji ya tambaya.

Mataki na biyar: a samo farashi mai hujja, a yi lissafi

Mai shago zai so ya ce tsohon zanen zai tafi a 10,000 idan an yi haƙuri. Akanta ya tambaye shi cikin ladabi: “Alhaji, nawa aka sayar da na ƙarshe, kuma yaushe?” Hujja mafi ƙarfi ita ce ainihin cinikin da aka yi dab da ƙidaya ko makonni kaɗan bayanta. Idan babu, a nemi tayin dillalai biyu ko uku a rubuta.

An gano tsohon zanen yana tafiya naira 8,000 a kasuwannin ƙauye. La’ada 300 ce a kan turmi, mota da dako 200. Abin da zai shigo hannu 7,500 ne, ƙasa da 9,000 da naira 1,500. Sau turmi 100, ragin ya zama 150,000. Koɗaɗɗun kuwa tayinsu 5,500, a cire wannan 500 ɗin, saura 5,000. Ragin kowanne 4,000, sau 20, ya zama 80,000. Jimla 230,000.

```
Debit   Asarar rage darajar kaya   230,000
Credit  Kayan sito                 230,000
```

Akwai wata dabara da ke zuwa wa mutum a nan, kuma ƙa’ida ta toshe ta. Sabon zanen nan 258 yana da ribar 2,000 a kan kowane turmi, wato 516,000, sai a ce ai ta rufe 230,000, ba sai an rage komai ba. Wannan ribar ba ta shigo ba tukuna, asarar tsohon zanen kuwa ta riga ta tabbata. Shi ya sa ake auna kowane nau’i da kansa, sabon zane daban, tsoho daban, koɗaɗɗe daban. Sabon zanen yana nan a 9,000, ba a ɗaga shi zuwa 11,000.

Mataki na shida: a gwada lissafin ta hanya biyu

Turmi 258 sau 9,000 ya ba da 2,322,000. Turmi 100 sau 7,500 ya ba da 750,000. Turmi 20 sau 5,000 ya ba da 100,000. Jimla 3,172,000. Ta ɗaya hanyar, turmi 388 sau 9,000 shi ne 3,492,000, a cire giɓi 90,000 da ragi 230,000, a samu 3,172,000. Idan hanyoyin biyu ba su haɗu ba, yawanci an rage darajar turmin da ya riga ya ɓata ne, wato an lissafa asara ɗaya sau biyu. A ajiye takardun ƙidaya da sa hannun waɗanda suka yi ta, da tayin dillalai, da hoton koɗaɗɗun kayan. Wannan adadin na littafin kasuwanci ne, zakka tana da nata tsarin ƙimanta kaya, a nemi malami a kai.

Idan kasuwa ta juya baɗi

Yayi yakan dawo. A ce baɗi saura turmi 40 na tsohon zanen, mata suka sake nemansa, abin da zai shigo hannu ya kai 9,500. An yarda a maido da ragin, amma iyakarsa kuɗin saye na asali. Za a ɗaga turmi daga 7,500 zuwa 9,000, wato 1,500 sau 40, naira 60,000, a rage ta daga kuɗin sayen kayan da aka sayar a shekarar da aka maido da ragin. Ragowar 500 da ke sama da kuɗin saye ba ta shiga littafi sai ranar da aka sayar da turmin aka yanka rasit.