Yadda kafinta zai lissafa farashin aiki

Kafintocin Kumasi, ku buɗe wa kowane aiki takardarsa, kuma kada katako ko ƙusa ya fita daga sito sai an rubuta shi a kanta.

A ce gado ne: kayan aiki sidi 1,200, ladan ma'aikata 500, kason haya da lantarki 300, jimilla 2,000. Idan kun ɗora kashi 25 cikin ɗari, farashin ya zama 2,500. Ku lura, ribar 500 ɗin kashi 20 ce kawai ta kuɗin sayarwa.

Amfanin rubutun shi ne gam da fenti, waɗanda aka fi mantawa, suna shiga lissafi. Amma dabarar ba ta aiki idan katako ya yi tsada a kasuwar katako ta Sokoban bayan an yi ciniki, sai dai in kun sa wa farashin wa'adi tun farko.