Kurakuran da aka fi yi wajen buɗe jawabi kan ɗa'ar aikin akanta

Idan ƙungiyar akantoci kamar ICAN ko ANAN ta gayyace ka ka gabatar da babban jawabi kan ɗa'ar aiki, mintuna biyar na farko su ne za su nuna ko za a saurare ka ko kuwa kowa zai koma kan wayarsa. Tsarin da ya fi aiki sananne ne: ka fara da wata tsaka mai wuya da akanta ya shiga, daga nan ka gangaro zuwa ƙa'idojin sana'a. Amma da yawan masu jawabi suna bin tsarin a sama-sama, sai ya mace a hannunsu.

Kuskuren tsawaita gaisuwa ba ya buƙatar dogon bayani. Ba a tsallake shugaban taro da iyayen ƙasa, amma jimla biyu sun wadatar, tunda mai gabatarwa ya riga ya jero sunaye da muƙamai.

Kuskuren da ya fi kowanne kashe jawabi shi ne kawo labarin da babu wata tsaka mai wuya a cikinsa. Mai jawabi zai ce an ba wani akanta cin hanci ya ɓoye sata, ko ya ɗauko rugujewar Enron a 2001 da yadda ta tafi da kamfanin odita na Arthur Andersen a 2002, ko aringizon da aka gano a lissafin Cadbury Nigeria a 2006. Duk waɗannan darussa ne na gaske, amma kowa a zauren ya san amsarsu tun kafin ka rufe baki, kuma kowa zai ce a ransa, "ni ai ba ɓarawo ba ne." Alamar labarinka bai kai ba ita ce ka ga ana gyaɗa kai tun a jimla ta biyu. Abin da ake so shi ne labarin da mutumin kirki zai ji ya yi jim, domin kowane ɓangare yana da nauyi.

Ga misalin da za a iya ƙagawa. Wata akanta tana aiki a kamfanin tatsar man gyaɗa mai ma'aikata 120, wanda ke rufe lissafinsa ranar 31 ga Disamba. Banki ya gindaya sharaɗi: ba zai sabunta rancen da ake sayen gyaɗa da shi ba sai cinikin shekara ya kai naira miliyan 900. Cinikin ya tsaya a miliyan 840. Akwai odar miliyan 80 da wani dila ya sa wa hannu tun tsakiyar Disamba, amma ba a yi lodi ba sai ranar 3 ga Janairu, kuma yarjejeniyar ta ce kaya suna zama na mai saye ne ranar lodi. Manajan darakta, wanda shi ya ɗauke ta aiki ya kuma biya mata kuɗin jarrabawa, ya kira ta ya ce, "Hajiya, kwana huɗu ne kawai. Ki mayar da takardar cinikin 30 ga Disamba. Cinikin nan na gaske ne, ba wanda aka cuta." Ita kuma ta ce, "Ranka ya daɗe, ka ba ni zuwa gobe."

Babu wanda zai sa ko kwabo a aljihu a labarin nan, kuma idan rancen ya faɗi, albashin mutum 120 ne zai shiga haɗari. Shi ya sa yake kama mutane.

Sai dai ka kula da lissafin, domin masu sauraronka aikinsu ke nan. Da 840 da 80 suna ba da 920, wato an haura sharaɗin banki da miliyan 20, kuma wani a zauren zai haɗa su kafin ka gama jimlar. Idan ka bar maganar yarjejeniya, wani zai ce ai ƙila ikon kayan ya riga ya koma ga dila tun a Disamba, tunda a ƙarƙashin ƙa'idar lissafi ta IFRS 15 ana rubuta ciniki ne lokacin da ikon kaya ya koma hannun mai saye. Daga nan muhawara ta bar ɗa'a ta koma fasaha, kai kuma ka rasa zauren. Ka toshe wannan ƙofa da jimla ɗaya a cikin labarin.

Sai kuskuren gaggawar ba da amsa. Da ka kai wurin "ka ba ni zuwa gobe", ka yi shiru na ɗan lokaci, ka tambayi zauren me ya kamata ta faɗa gobe da safe. Kada ka ce a ɗaga hannu a nuna wanda zai canja kwanan watan, domin babu mai ɗagawa a gaban abokan sana'arsa, kuma ka koya musu ɓoye abin da ke ransu ke nan.

Wurin da na fi jin takaici shi ne gadar da ke tsakanin labari da ƙa'ida. Sau da yawa mai jawabi yana gama labari sai ya ajiye shi, ya hasko jerin ginshiƙai biyar na kundin IESBA, hukumar da ke tsara ƙa'idojin ɗa'ar akantoci na duniya: gaskiya da riƙon amana, rashin son rai, ƙwarewa da kulawa, riƙon sirri, da halin da ya dace da sana'a. Ya karanta su ɗaya bayan ɗaya kamar ɗalibi yana hadda, ita kuma akantar nan an bar ta a ofis ba a sake waiwayarta ba. Ai don ita aka kawo ƙa'idojin! Ka ɗauki biyu kacal, ka ciro su daga cikin labarin. Gaskiya da riƙon amana sun hana akanta alaƙanta kansa da rahoton da ya san yana ɗauke da ƙarya mai nauyi, kuma kwana huɗun nan suna da nauyi, domin su ne za su sauya hukuncin banki. Rashin son rai kuwa yana fuskantar barazana uku daga cikin biyar da kundin ya lissafa: son kai, saboda albashinta ma yana ciki; sabo, saboda alherin da maigidan ya yi mata; da matsin lamba, saboda shi ke da ikon sallamarta. Sauran ginshiƙan su jira tsakiyar jawabi.

Kada kuma ka mayar da buɗewar wa'azi zalla. Tsoron Allah shi ne tushe, kuma masu sauraronka sun san haka, amma abin da akantar nan ke nema shi ne kalmomin da za ta shiga ofishin maigida da su. Ka ba ta su. Za ta nuna masa cewa takardar lodi da littafin sito da na maigadi duk suna ɗauke da 3 ga Janairu, kuma duba cinikin kwanakin ƙarshen shekara yana cikin abubuwan da odita ya saba yi. Za ta kawo masa mafita ta halal: a kai wa banki lissafin miliyan 840 yadda yake, a haɗa da odar da aka sa wa hannu da shaidar lodi, a nemi sassaucin sharaɗi. Idan ya nace, ta rubuta matsayinta da kwanan wata, ta kai maganar ga kwamitin odita ko hukumar daraktoci, ta nemi shawarar ƙungiyarta ko lauya, ta ƙi sa hannu. Ajiye aiki shi ne matakin ƙarshe, kuma ka faɗa wa zauren gaskiya cewa wani lokaci har can ake kaiwa. Labarin da ke ƙarewa da an ƙara wa mai gaskiya girma kullum, manyan akantoci ba sa yarda da shi, don sun ga akasinsa.

Idan daga aikinka ka samo labarin, cire suna bai isa ba. A gari kamar Kano ko Kaduna, da ka faɗi irin sana'ar da shekarar da adadin kuɗin, wani a layi na uku ya gane kamfanin, kai kuma ka karya riƙon sirri a kan mumbarin ɗa'a. Ka sauya sana'ar, ka sauya alƙaluman ba tare da ɓata lissafin ba, sannan ka sanar da zauren tun farko cewa misali ne da ka sauya wa kama.