Yadda manaja zai tsara gajeren jawabin bankwana ga ma'aikacin da zai yi ritaya a Jidda

Idan kai ne shugaban ofis a Jidda ko Makka, kuma dattijon da kuka daɗe tare zai ajiye aiki, jawabin minti uku ya wadatar, wato abin da bai wuce shafi ɗaya na rubutun hannu ba. Sai dai aikin minti ukun nan yana farawa ne mako guda kafin ranar walima. Zan ɗauki misalin mai kula da sito a ofishin aika kaya zuwa Kano, wanda ya yi shekara 22 yana aiki, kai kuma manajan ka girme wa ɗansa na fari da kaɗan ne kawai.

Matakin farko shi ne ka san irin rabuwar da za a yi. Bahaushen da yake ɗan ƙasar Saudiyya yana barin ofis ne kawai, zai ci gaba da zama a unguwarsu yana karɓar fansho, kuma za ku riƙa haɗuwa a masallaci. Wanda yake zaune da iƙama kuwa, wato takardar izinin zama ta baƙi, zamansa a ƙasar a ɗaure yake da aikinsa, ba ya cikin tsarin fanshon 'yan ƙasa, kuma galibi ritayarsa na nufin bizar fita ta ƙarshe da komawa gida. Shi wannan zai rabu da ofis, ya rabu da maƙwabta, ya rabu da kusancin Harami duk a lokaci ɗaya. Kada ka ce masa "ka riƙa leƙo mu", domin kowa a ɗakin ya san ba zai yiwu ba. Ka tambaye shi a keɓe inda zai zauna, Kano ne ko Maraɗi, da ko yana so a ambaci hakan a bainar jama'a.

Na biyu, kada ka hau kan jawabi alhali haƙƙinsa na rataye. Dokar ƙwadago ta Saudiyya ta tanadi ladan ƙarshen aiki: rabin albashin wata ga kowace shekara a cikin biyar na farko, sai cikakken albashin wata ga kowace shekara bayan haka, kuma da albashin ƙarshe ake lissafi. Ga mai shekara 22, biyar na farko sun ba da wata biyu da rabi, sauran 17 sun ba da wata 17, jimilla wata 19 da rabi. In albashinsa riyal 4,000 ne, kuɗin ya kama riyal 78,000. Ka je wurin akawu ka tabbatar an gama lissafin, an kuma shirya masa takardar shaidar aiki. Ba za ka faɗi adadin a taro ba, wannan sirrinsa ne. Amma mutumin da bai san matsayin kuɗinsa ba, jikinsa ne kawai a wurin, kuma yabon da za ka yi masa zai zame masa kamar romon baka. A wurin akawun za ka samo ainihin ranar da ya fara aiki. Ka duba ko ta Hijira ce ko ta Miladiyya, saboda a tsawon shekara 22 bambancin lissafin biyu ya kai kusan wata takwas.

Na uku, kuma nan ne ƙashin bayan jawabin, ka nemo labari guda ɗaya tak. Ka zaga wurin direba, da mai haɗa gahawa, da yaran sito, ka ce su faɗa maka ranar da Baba ya yi wani abu da ba su manta ba. Kalmomi irin su "mai gaskiya", "mai haƙuri", "jajirtacce" ana faɗa wa kowa su, shi ya sa ba sa shiga kunne. Gwajin mai sauƙi ne: in za ka iya cire sunansa ka sa na wani jumlar ta zauna daram, to ba tasa ba ce, goge ta. Labarin da ya dace yana da lokaci, yana da wuri, kuma akwai shaidu a ɗakin da za su gyaɗa kai. Ka guji wanda zai tona asirin wani, da wanda ya shafi rashin lafiyarsa ko bashin da ya taɓa ci. Barkwancin tsufa ma ka bar wa sa'o'insa. Tsakaninka da shi akwai kunya irin ta ɗa da uba, kuma muƙami bai ɗauke ta ba.

Na huɗu, ka jera shi haka: sallama, shekarun aiki a jumla ɗaya, labarin, godiya, neman gafara, addu'a. Ga yadda zai iya fitowa:

"Assalamu alaikum. Iyayena da 'yan'uwana, mun taru ne saboda Baba Alhaji, wanda ya riƙe makullin sitonmu shekara 22. Waɗanda suke nan ba su manta da shekarar da aka gama aikin Hajji, kayan alhazai suka cika sito har ƙofa, aka wayi gari da wata jaka da takardarta ta ɓalle ba. Mu duka mun ce a ajiye ta gefe. Baba ya zauna da littafin rajista, yana bin lambobi ɗaya bayan ɗaya yana buga waya, har ya gano wata tsohuwa ce daga Gumel ke da ita. Abin da muka koya a hannunsa ke nan: kayan mutane amana ne ko mai su bai san inda muke ba. Baba, ni ɗanka ne, aiki ne ya sa nake sa hannu a takardarka. A madadin kowa ina yi maka godiya. Zaman tare ba ya rasa saɓani, duk abin da muka yi maka, wanda muka sani da wanda ba mu sani ba, ka yafe mana. Mu ba ka yi mana komai ba sai alheri. Allah ya kai ka gida lafiya, ya sa albarka a abin da ka samu, ya raya zuri'a. Astaudi'ullaha dinaka wa amanataka wa hawatima amalika."

Addu'ar ƙarshen ita ce wadda Annabi (SAW) yake yi wa matafiyi, Abu Dawuda da Tirmizi sun ruwaito ta, kuma ma'anarta ita ce ina ba wa Allah ajiyar addininka da amanarka da ƙarshen ayyukanka. Ta fi dacewa da mai barin ƙasa. Neman gafarar kuma da bakinka za ka yi, kana kallonsa, ba kana kallon takarda ba. Ka dakata bayansa, domin zai amsa, mutane ma za su amsa. Kada ka sa alkawari a ciki, irin su "za mu ɗauki ɗanka aiki", sai in takardar tana hannunka.

Na biyar, harshe da lokaci. Ofisoshin nan ba sa rasa Balarabe, ko ɗan Sudan, ko ɗan Pakistan. Ka yi jawabin da Hausa tunda da ita zai fi ratsa shi, amma ka buɗe da jumla biyu na Larabci, ka kuma taƙaita labarin da Larabci a ƙarshe don kada a bar su a duhu. Fassara kowace jumla tana ninka lokaci, tana kuma kashe labarin. Alhamis ce ta fi, tunda ita ce ƙarshen makon aiki. Ka duba lokacin salla kada kiran salla ya yanke ka a tsakiya, kuma ka yi magana bayan an zaga da gahawa da dabino, kafin a shigo da tiren kabsa, don da zarar an ajiye shinkafa hankali ya koma can.

Daren da ya gabaci taron ka karanta shi da ƙarfi kana duba agogo. In ya haura minti uku, rage daga yabo, ka bar labarin da neman gafarar yadda suke. Bayan ka gama ka miƙa masa kyautar da hannu biyu, ka ba shi damar magana in yana so. Wasu dattawan muryarsu kan karye a wannan gaɓar, saboda haka tun da wuri ka shirya da wanda zai rufe taro da addu'a, da ka yi masa alama ya karɓa.