Shawara: kirga kayan shago a Google Sheets

'Yan uwa masu shago, ku daina gyara adadin kaya da hannu. Ku buɗe shafi biyu. Na farko Kaya: suna a A, abin da kuka fara da shi a B, wanda aka saro a C. Na biyu Ciniki: duk abin da aka sayar, suna a A, adadi a B.

A D2 na shafin Kaya ku rubuta:

```
=B2+C2-SUMIF(Ciniki!A:A,A2,Ciniki!B:B)
```

Ku jawo shi ƙasa. Idan taliya katan 10 ce, aka ƙaro 5, yaron shago ya rubuta cinikin 3 da na 4 daga wayarsa, nan take za ku ga saura 8.

Inda ake samun matsala shi ne suna. Wani ya rubuta "Taliya", wani "Talia", lissafin zai tsallake na biyun shiru, sai takarda ta nuna kaya sun fi na kan kanta. Don haka ku sa Dropdown a layin sunan Ciniki, a riƙa zaɓa kawai. Layin D kuma ku kulle shi da Protect range, kada wani ya goge lissafin.