Darasi na Bakwai: Takardu Uku Kafin A Biya Kuɗin Kaya

A darasin da ya wuce mun koyi rubuta takardar oda. Yau mota ta iso ƙofar sito, sai mu ga abin da mai karɓar kaya zai yi.

Takardu uku ne ke bin kowane kaya. Takardar oda ku kuka rubuta ta, ita ke faɗin abin da kuka nema da farashin da aka shirya. Takardar kawo kaya direba ke zuwa da ita, tana faɗin abin da aka loda. Ta uku ita ce faktir, wadda mai kaya ke neman kuɗinsa da ita. Lambar odarku ya kamata ta fito a kan sauran biyun, don haka ita za ka fara dubawa, kada ka gwama kayan wannan wata da takardar watan jiya.

Mu ɗauki misali. Wani shagon kayan gini a Garwa ya yi odar siminti buhu 100, mai kilo 50, kowane buhu sefa 5,500. Jimla 550,000 ke nan. A nan ka lura: a kasuwa muna lissafi da dala, wato sefa biyar-biyar, amma takarda ba ta san dala ba. Yadda aka rubuta sefa haka za ka karanta.

Mota ta zo bayan la'asar, takardar direba ta ce buhu 100. 'Yan dako suna saukewa, mai sito ya sa a jera goma-goma. Layi tara suka cika, na goma ya tsaya a shida. Buhu 96 ke nan. Ya bi su yana dannawa da hannu, sai ya ji biyu sun ƙame kamar dutse, alamar ruwa ya taɓa su a hanya.

Direba ya ce, "Malam, sa mini hannu in wuce, Marwa zan kwana."

Mai sito ya ce, "Yi haƙuri maigida, bari in rubuta abin da na gani tukuna."

A nan ne yawancin asara ke shiga. Sa hannu a takardar kawo kaya shaida ce cewa ka karɓi abin da ke rubuce. In ka sa hannu a kan 100, gobe mai kaya zai nuna maka hannunka, kuma ba ka da ta cewa. Saboda haka mai sito ya rubuta a jikin takardar: "An sauke 96. Biyu sun ƙame, an mayar. An karɓi 94." Ya sa kwanan wata, ya sa hannu, direba ma ya sa. Ya yi haka a kofi biyun, wanda zai zauna a shago da wanda direba zai koma da shi. Gyara a kofinka kaɗai ba ya kare ka, don za a ce bayan tafiyar mota ka rubuta.

Bayan kwana uku faktir ta zo: buhu 100, kowane 5,700, jimla 570,000. Mai lissafi ya shimfiɗa takardun uku a tebur. Yawan kaya ana ɗaukarsa daga abin da aka karɓa, wato 94. Farashi kuwa daga takardar oda, wato 5,500. In ka ninka, 517,000 ne haƙƙin mai kaya. Da an biya faktir yadda ta zo, da 53,000 sun tafi.

To, ko ƙarin 200 ɗin nan haraji ne? Duba haruffan da ke kusa da farashi. HT na nufin ba a sa haraji ba, TTC na nufin an riga an sa. Harajin TVA a Kamaru 19.25 ne cikin ɗari, wanda a kan 5,500 ya haura sefa dubu. Ashe 200 ba haraji ba ne, ƙarin farashi ne da ba a shirya da ku ba.

Kada ka soke jimlar kuɗin faktir da biro ka rubuta taka. Ka kira mai kaya ya aiko sabuwa, ko takardar ragi ta 53,000, ka haɗa su duka da fil kafin a biya. Ni dai a ganina, wanda ya ƙirga kaya bai kamata ya zama shi ke biyan kuɗi ba, ko da ɗan'uwan mai shago ne, domin takardu uku da suka fito ta hannun mutum ɗaya ba wuya su yi daidai.

Aikin gida: an yi odar kwanon rufi 60 a kan sefa 4,000 kowane. An karɓi 57, faktir ta ce 60 a kan 4,100. Nawa za a biya, kuma me za ka rubuta a takardar direba?