Data Na Nan, Shafi Ya Ƙi Buɗewa: Kurakuran da Ake Yi Idan An Taɓa Fayil ɗin hosts

Ranar 14 ga Maris, 2024, da manyan wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka samu matsala, mu a Kumasi mun ga yadda yankewar layi take. Waya ta tsaya, kwamfuta ta tsaya, makwabci ma kuka ɗaya yake yi da kai. Matsalar layi ba ta zaɓe. Idan kuwa kwamfutarka tana buɗe YouTube lami lafiya amma ta ƙi shafin banki ko na antibairos, alhali wayar da ke kan Wi-Fi ɗaya da ita tana buɗe su, to ciwon yana cikin kwamfutar.

Kuskure na farko, wanda ya fi cin kuɗi, shi ne ɗora wa kamfanin layi laifi. Mutum ya ƙara sayen data da MoMo, ya cire sim ɗin MTN ya sa Telecel, ya kashe rauta ya kunna, daga ƙarshe ya ɗauki mai-fai ya nufi Adum a duba masa. Duk wannan wahalar gwaji ɗaya zai ɗauke ta: ka buɗe shafin a waya, kan layin da kwamfutar take. In ya buɗe, ka wanke layi.

Dalilin kuwa shi ne kwamfuta ba ta san suna ba, lamba ta sani. Idan ka rubuta sunan shafi, sai ta nemo adireshinsa na IP, kuma kafin ta tambayi sabar DNS a waje, wato mai fassara sunan shafi zuwa lamba, tana fara leƙa wani ɗan fayil da ke cikinta. A Windows yana nan:

```
C:\Windows\System32\drivers\etc\hosts
```

A Mac da Linux kuma `/etc/hosts` ne. Abin da aka rubuta a ciki shi take bi, ba ta ƙara tambayar kowa. Kamar dai wani ya ɗauki wayarka ya canza lambar da ke ƙarƙashin sunan Alhaji: kira zai shiga, wani daban zai ɗauka, kuma kamfanin waya bai yi laifin komai ba.

Mu ɗauki kwamfutar shagon firintin a Aboabo, irin wadda kowa ke soka wa filashi, kuma aka sa mata manhajar zane ta sata. Antibairos ya daina sabunta kansa, an je sauko da wani, Chrome ya ce `ERR_CONNECTION_REFUSED`. Mai shago ya buɗe Command Prompt ya yi `ping www.malwarebytes.com` don ya ga ko shafin antibairos ɗin na amsawa, amsa ta zo:

```
Reply from 127.0.0.1: bytes=32 time<1ms TTL=128
```

Nan ake kuskure na biyu. Ya ga Reply har sau huɗu, ya ce ai shafin na amsawa. Sai dai 127.0.0.1 adireshin kwamfutar ne ita kanta, a ko'ina a duniya. Da kanta take magana. Lokacin ma ya tona asiri, don babu sabar da ke ƙetare da za ta amsa wa Kumasi cikin ƙasa da milisakan ɗaya. Ka biyo da `nslookup www.malwarebytes.com`. Wannan umarni ba ya kallon hosts, DNS yake tambaya kai tsaye. Idan ya kawo adireshin waje, ping kuma ya nace a kan 127.0.0.1, magana ta ƙare. A kula dai, manyan shafuka suna da adireshi da yawa, saboda haka bambancin lamba kawai tsakanin umarnin biyu bai isa hujja ba, sai an buɗe fayil ɗin an gani.

Wajen buɗewar ma akwai tarko. Notepad ba zai nuna fayil ɗin ba sai ka mai da zaɓin ƙasa zuwa All Files, domin ba shi da `.txt` a ƙarshen sunansa. Da ya buɗe, mutane sukan ga layukan farko masu alamar `#`, su ce lafiya lau, su rufe. Layukan nan bayani ne kawai, kwamfuta ba ta aiki da su, kuma fayil ɗin da Windows ke zuwa da shi kusan su kaɗai ne a ciki. Masu bairos sun san halinmu, sai su bar fili mai tsawo, su ɓoye aikinsu can ƙasa. Ka danna Ctrl da End ka sauka ƙarshe. A kwamfutar irin ta shagon nan abin da za ka tarar ya yi kama da wannan:

```
127.0.0.1   www.malwarebytes.com
0.0.0.0     update.microsoft.com
```

Waɗannan toshewa ce, don kada magani ya shigo. Manhajojin sata ma kan yi haka, su toshe sabar da ke duba lasisi, kuma wasu mutane da kansu suke zuba jerin shafukan talla don su huta. Ba kowane layi ne bairos ba. Wanda ya fi haɗari shi ne layin da ya haɗa sunan banki ko na imel da wani adireshi na waje da ba ka sani ba. Wannan karkatarwa ce, kuma shafin jabu zai buɗe, da tambarin bankin da komai.

Abin da ke ceton mutum a nan shi ne gargaɗin burauza, `Your connection is not private`, saboda ɓarawon ba shi da satifiket na sunan bankin. Da yawa sukan danna Advanced su wuce, wai netwok ne ke wasa. Rashin ƙarfin netwok jinkiri yake kawowa ko yankewa. Agogon kwamfuta da ya ɓace kan jawo irin wannan gargaɗi, ka duba shi tukuna. In kwanan wata daidai yake, kada ka rubuta kalmar sirri. In kuma ka riga ka rubuta, ka canza ta daga wata na'ura, ka kira bankin.

Gyaran ba wuya. Ka buɗe Notepad da Run as administrator, in ba haka ba Windows zai ƙi ajiyewa, ya tura ka wani wuri da sunan `hosts.txt`, fayil ɗin da ba ya aikin komai. Ka ajiye kwafi, ka goge baƙin layukan, ka ajiye, sannan ka yi `ipconfig /flushdns`, ka rufe burauza ka sake buɗewa.

Kuskuren da na fi jin haushi a kai shi ne tsayawa a nan. Fayil ba ya rubuta kansa. In abin da ya rubuta shi yana nan, gobe da safe layukan sun dawo. Ka sake kunna kwamfutar ka leƙa fayil ɗin. Ka cire manhajar satar, ka duba Task Scheduler da Startup, sannan ka gudanar da Microsoft Defender Offline scan, wanda ke bincike kafin Windows ya gama tashi, lokacin da bairos bai samu damar ɓuya ba. Defender kan nuna irin wannan canji da sunan `SettingsModifier:Win32/HostsFileHijack`.

Idan hosts tsaf yake amma alamun suna nan, saura wuri biyu. Ka shiga Settings, Network & Internet, Proxy, ka ga ko an sa adireshin da ba kai ka sa ba. Sai kuma sabar DNS kanta, ko an canza maka ita da ta ɓarayi. Haka bairos ɗin DNSChanger ya yi wa kwamfutoci wajen miliyan 4 kafin hukumar FBI ta Amurka ta tarwatsa masu shi a Nuwamba 2011. A wannan hali nslookup ma ƙarya zai faɗa maka, sai ka ƙara `8.8.8.8`, sabar DNS ta Google, a ƙarshen umarnin ka kwatanta amsoshin. In kuma har wayoyin gidan ana karkatar da su, to rautar aka shiga: ka mai da ita yadda ta fito daga kamfani, ka canza kalmar sirrinta ta admin.