Yadda za ka daɗe kana buga gem ba tare da ido, wuyan hannu da baya sun gaji ba

Shiga kowane shagon gem a Katsina, daga Ƙofar Ƙaura zuwa Sabon Layi, tsarin kusan ɗaya ne: benci marar majingina, talabijin a maƙale can sama jikin bango, fanka na kaɗawa, samari sun duƙufa kan eFootball ko EA Sports FC tun bayan La'asar har dare ya yi nisa. Ciwon ƙugu, yajin ido da sagewar yatsu da ake tashi da su daga wannan tsarin suke fitowa, kuma yawancinsa ana iya gyara shi kafin a ɗauki fad, wato na'urar da ake riƙewa a hannu a buga gem.

Fara da mazauni. Idan akwai kujerar roba mai majingina, ita za ka ɗauka. Tura mazaunanka har ƙarshen kujerar, ka naɗe ƙaramin tawul ko sallaya ka sa a daidai kwarin bayanka, sama da ƙugu kaɗan. Ƙasan baya yana da lanƙwasa ta halitta, kuma ita ce ke ɓacewa idan mutum ya zauna ya rusuna, sai nauyin jiki ya koma kan faifan da ke tsakanin ƙasusuwan baya. Idan benci ne kawai, ka jawo shi jikin bango ka jingina. Tafin ƙafa biyu su taka ƙasa sosai, gwiwa ta yi daidai da ƙugu ko ta ɗan yi ƙasa da shi. Ka cire walat da waya daga aljihun baya, domin zama a kansu yana karkatar da ƙugu gefe ɗaya.

Daga nan sai talabijin, inda masu shago suka fi yin kuskure. Ana ɗaga ta sama don 'yan kallo na baya su gani, mai bugawa kuma ya yi ta ɗaga haɓa sa'o'i, ƙeya ta ƙage. Akwai illa ta biyu da ba a cika lura da ita ba: mai kallon sama yana buɗe ido sosai, don haka ruwan ido ya fi saurin bushewa. Abin da ake so, in ka zauna daidai, tsakiyar allon ya kasance a saitin idonka ko ƙasa kaɗan. Ɗauki misalin talabijin mai inci 43 da aka kafe sama da kan mutum, benci kuma bai fi mita ɗaya da ita ba. Ba kai ke da shagon ba, ba za ka sauke ta ba, amma kana iya cewa, "Maigida, don Allah bari mu ɗan ja bencin nan baya." Da an kai shi wajen mita biyu, ɗagawar da wuya ke yi ta ragu sosai, kuma filin wasan duka zai shiga idonka ba sai kana juya kai ba. In har daga mita biyu ba ka iya karanta sunan ɗan wasa sai ka matso ko ka ƙanƙance ido, to matsalar ba ta talabijin ba ce, gwajin ido kake buƙata.

Kada a buga cikin duhu. Idan an ɗauke wuta an tada janareto, wasu sukan kashe ƙwan ɗaki a bar talabijin kaɗai. A bar ƙwai ɗaya a kunne, amma ba wanda haskensa ke faɗawa kan allon ba. Fanka kuma a juya ta daga fuska, musamman lokacin hunturu da iskar garin nan ta riga ta bushe.

Yanzu ɗauki fad ɗin. Gwiwar hannu ta kwanta kusa da haƙarƙari, kafaɗu a sake, hannuwa su huta bisa cinya ko bisa filo, wuyan hannu a miƙe yake, bai lanƙwashe sama ko ƙasa ba. Abin da ya fi cutar da 'yan ƙwallo shi ne matsa. Mutum ya danne maɓallin gudu da ɗan ali tun daga busa har tashi, babban yatsa kuma yana tura sandar hagu kamar zai karya ta. Sandar ba ta san ƙarfi ba: da ta kai bango, ɗan wasanka ba zai ƙara sauri ba. Duba faratanka ana tsakiyar wasa, in sun yi fari saboda matsa, sassauta. Sakin maɓallin gudu in babu fili a gabanka ma ya fi kyau ga wasan kansa, domin ƙwallo ta fi zama a ƙafa.

Hutu shi ne abin da kowa ya sani amma ba a yi, domin ba wanda zai duba agogo ana ɗaya da ɗaya. Don haka a ganina wasan ne ya kamata ya zama agogonka. Likitocin ido suna ba da shawarar 20-20-20: duk minti 20, ka kalli abin da ke nisan ƙafa 20, wato kusan mita 6, na daƙiƙa 20. Wasan ƙwallo ɗaya yakan ɗauki minti 10 zuwa 15, gwargwadon yadda aka saita shi, ke nan in ka yi hakan a ƙarshen kowane wasa ka cika ƙa'idar. Da alƙalin wasa ya busa tashi, ajiye fad, ka kalli waje ta ƙofa, allon shagon tsallaken titi ko mai shayi da ke can nesa. Ka ƙifta ido a hankali sau goma, kana rufe shi gaba ɗaya. Mai kallon allo yana ƙifta ido ƙasa da yadda ya saba nesa ba kusa ba, shi ya sa ido ke yaji kamar an watsa yashi. Amma in ka ajiye fad ka zaro waya, ba ka huta ba, ka ma ƙara wa idon aiki ne.

Bayan kowane wasa biyu ko uku, tashi tsaye. Ɗora hannuwa a ƙugu ka ɗan gantsare baya sau biyar. Miƙe hannu gaba, tafin yana kallon ƙasa, ka jawo yatsun zuwa sama da ɗaya hannun na daƙiƙa 15 zuwa 20, sannan ka lanƙwasa su ƙasa haka nan, kowane hannu. Ja kawai ya kamata ka ji, ba zafi ba. Tsarin "wanda ya ci ya zauna" yana da tarko a nan, domin gwani shi ne ba ya tashi. In ka ci uku a jere, miƙa fad da kanka ka zaga waje. Magariba da Isha'i kuwa sun riga sun raba maka daren, ka taka zuwa masallaci da ƙafa.

Gajiyar da ta wuce bayan barcin dare ɗaya ba abin tsoro ba ce. Wadda ta kwana ta wuni ita ake bincika. Sa babban yatsa cikin tafi, ka rufe shi da sauran yatsu, ka karkata hannun a hankali zuwa wajen ƙaramin yatsa. In ka ji zafi mai tsini a gefen wuyan hannu, ƙarƙashin babban yatsa, jijiyoyin da ke motsa shi sun fara kumbura, sai ka bar fad na wasu kwanaki. Sagewa ko tsikari a babban yatsa, ɗan ali da na tsakiya, musamman wanda ke tashin ka daga barci, alama ce ta matsewar jijiya a wuyan hannu, wannan na asibiti ne. Haka ciwon baya mai sauka zuwa ƙafa, ko gani biyu-biyu, ko dishi-dishin da bai washe ba bayan hutu. Kada kuma ka shiga kemis ka sayi maganin ɗigawa don ido ya yi ja: wasu daga ciki suna ɗauke da sinadarin da ke iya jawo hawan jinin ido in aka daɗe ana amfani da su, sai likita ya duba ya rubuta.